Hoton gida kafin a aza bulo: yadda ake kwatanta wa na'ura benen Zango

Bayan sallar la'asar a unguwar Alajo ta Akra, ba abin mamaki ba ne ka tarar da dattijo zaune a kan benci a ƙofar gida, ɗan ƙanensa a tsugune a gefe yana miƙa masa waya. A fuskar wayar ga wani gida fari fat, hawa huɗu ko biyar, gilashi tun daga ƙasa har sama, da itatuwan dabino a jere, da mota a bakin ƙofa. Wai shi ne gidan da za a gina a nan inda suke zaune, in an rushe tsofaffin ɗakunan gado. Ɗan'uwan da ke Jamus ko Amurka, wanda zai turo kuɗin siminti, ya riga ya gani ya yaba.

Dattijon zai dubi hoton, ya ɗaga kai ya dubi filin. Faɗinsa bai wuce taku goma sha biyu ba. Dama da hagu katangar maƙwabta ce, gaba kuma kwata. Duk damina ruwa sai ya leƙo tsakar gida. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a hoton.

Tun shekarar 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto daga rubutu irin su Midjourney da Stable Diffusion suka shigo hannun jama'a, irin wannan hoto ya zama ruwan dare. Masu zanen gida suna jawo kwastoma da shi, iyalai suna yin shawara a kansa. Sai dai yawancin hotunan ba na gidan da ake nufi ba ne, kuma laifin yakan koma ga 'yan layukan da aka rubuta wa na'urar.

Abin da ba ka faɗa ba, ita za ta cike

Ga irin umarnin da aka fi rubutawa. Da Turanci ake yi, domin da shi aka fi horar da manhajojin:

```
beautiful modern luxury house in Accra, realistic, 8k
```

A duk layin nan babu kalmar da ta faɗi siffar gini. Ba a ce hawa nawa ba, ba a ce dogo ne ko faffaɗa ba, ba a ambaci rufi ba, balle taga. Na'urar ta koyi zane ne daga ɗimbin hotunan intanet da rubutun da ke ƙarƙashinsu, kuma hotunan da aka yi wa laƙabi da kyau da zamani da tsada galibi na dillalan gidaje ne a Dubai da Kalifoniya. Inda duk ka bar giɓi, da waɗannan za ta cike maka.

Wanda ya gane haka sai ya ce bari ya ambaci unguwa. Nan ma akwai tarko. In aka rubuta Nima ko Zango, sau da yawa abin da ke fitowa shi ne rumfunan kwano masu tsatsa, domin irin hotunan da 'yan jarida da ƙungiyoyin agaji suka fi ɗauka ke nan. In aka ambaci Musulunci, sai ga ƙubba da hasumiya a kan gidan haya, kamar an yanko wani sashe na Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina bisa salon Usmaniyya ta Turkiyya aka buɗe a 2021. In kuwa aka ce ginin Hausa, sai ta kai ka Kano ko Zariya: katangar ƙasa da zankwaye. Duk suna da kyau a wurinsu, amma benen Mamobi na yau da bulon siminti ake yinsa.

Mafita ita ce a bar sunaye da yabo, a kwatanta abin da ido zai gani. Abu uku ne ke sa a gane gini daga nesa: jikinsa, rufinsa, da yadda tagoginsa suka jeru. A wannan jerin kuma ya kamata a rubuta su, saboda manhajoji da dama sun fi ba kalmomin farko nauyi. Tsohon samfurin Stable Diffusion ma gutsuren kalmomi 77 kawai yake karantawa a tashi ɗaya, wato kalmomi hamsin zuwa sittin. Wanda ya ɓata rabinsu wajen kirarin kyau ya ci kuɗin guzuri tun a tasha.

Jikin gini: fili ne ke yanke hukunci

Unguwannin nan ba a yanka su da igiyar safiyo ba. Nima ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu wurin daga hannun masu ƙasa 'yan ƙabilar Ga, baƙi suka yi ta sauka, ɗaki na bin ɗaki. Fulotin ƙafa ɗari da ƙafa saba'in da ake sayarwa a sababbin unguwannin bayan gari, a nan sai an tona. Abin da gado ya bar wa iyali shi ne fili siriri mai zurfi, wani lokaci ma a karkace.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce bayan an bar ratar da hukuma ke nema, abin da za a iya ginawa mita 9 ne ta fuskar hanya, mita 18 zuwa ciki. Iyali suna son shaguna biyu a ƙasa, hawa biyu na ɗakunan kwana a sama. Da yake Alajo a bakin rafin Odo take, kuma ba wanda ya manta da ambaliyar 3 ga Yunin 2015, za a ɗaga daɓen ƙasa da kusan santimita 90, wato matakala biyar ko shida.

Yanzu a yi ɗan lissafi. Dakali santimita 90, hawan shaguna mita 3.6, hawa biyu na sama mita uku-uku. Jimla mita goma da rabi daga ƙasa zuwa bakin rufi. Ke nan fuskar ginin ta ɗan fi faɗinta tsawo, zurfinsa kuma ya ninka faɗinsa. Wannan dangantaka ita ce na'urar ke iya ji. In ka rubuta mata mita 9 da mita 18, ba ta da abin awo, lambobin za su wuce ta kamar ba a faɗa ba. Amma in ka ce siriri ne, zurfinsa biyun faɗinsa, tana da dubban hotuna da za ta kwatanta da su.

```
narrow rectangular block, twice as deep as wide,
front slightly taller than wide, ground floor plus
two upper floors, three levels in total,
raised on a waist-high plinth with steps
```

An maimaita adadin hawa ta hanya biyu da gangan. Ƙirga hawa ya bambanta tsakanin Ingila da Amurka, kuma na'urar ta koyi duka biyun a cakuɗe, ga shi dama ba ta da ƙarfi a ƙirga. In ba a ɗaure ta ba, sai ta ƙara hawa ɗaya don hoton ya cika.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa a nan ko da babu shi: fita da shiga. In ginin dunƙule ɗaya ne, a ce dunƙule ɗaya ne. In hawan sama zai leƙo kan shaguna da mita ɗaya don ya yi wa masu ciniki inuwa, kamar yadda ake gani a benaye da yawa a bakin babban titin Nima, a faɗi ta wace fuska da kuma gwargwadonsa. In aka yi shiru, na'urar tana da son tura baranda mai tsawon mita uku a sarari babu ginshiƙi. A hoto abin sha'awa ne. A wurin injiniya kuwa rodi ne da kankare da iyalin ba su sa a lissafi ba.

Rufi: inda gardama take

A nan ne ra'ayi ya rabu a Akra, tun ma kafin zuwan waɗannan manhajoji. Matasa da masu turo kuɗi daga waje sun fi son ɓoyayyen rufi: a ja katanga ta wuce saman gini kamar rawani, a kwantar da kwano a bayanta da ɗan gangare, daga waje a ga gini kamar akwati. Hujjarsu ita ce ya fi kyan gani, kuma katako da kwano ba sa tafiya da yawa. Tsofaffin kafintoci kuwa ba sa ƙaunarsa. Ruwan rufin duka yana taruwa ne a magudana guda a bayan rawanin, kuma leda ɗaya ta isa ta toshe bakin bututu. In aka yi ruwan watan Yuni irin na Akra, magudanar ta cika, ba inda ruwan zai bi sai silin.

Ni dai a Alajo ina bayan kafintoci. Rufi mai gangare huɗu, wanda bakinsa ya fito waje sosai, yana jefar da ruwa nesa da bango, yana kuma yi wa tagogin sama inuwa. Ba sabon ilimi ba ne. Maxwell Fry da Jane Drew da sauran waɗanda suka yi gine-ginen makarantu a ƙasar nan a shekarun 1940 da 1950 a kan inuwa da iska suka kafa aikinsu.

Kowanne aka zaɓa, sai an faɗi abu huɗu: siffarsa, tsananin gangarensa, yawan fitowar bakinsa, da abin da aka rufa da shi. A misalinmu gangaren digiri 25 ne. A kan faɗin mita 9, ƙololuwar za ta tashi kusan mita biyu sama da bakin rufi. Bakin zai fito santimita 90.

```
low hipped roof, ridge running front to back,
deep overhanging eaves on all sides,
long-span aluzinc sheets, white fascia and soffit,
gutter with downpipes at the corners
```

Kalmar `low` tana da aiki. In babu ita, na'urar takan miƙe rufin tsaye irin na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, har ta huda masa 'yan tagogi. Faɗin inda ƙololuwa ta dosa shi ma yana hana ta yanka rufin gida-gida. Wanda kuma ya zaɓi ɓoyayyen rufi kada ya rubuta `flat roof`, domin zai samu dandali a sama da kujeru da tukwanen fure, wani lokaci har da wurin wanka. Abin da zai rubuta shi ne `metal roof hidden behind a plain parapet`.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Rufin da gangarensa digiri 25 ne, a kan gini mai tsawon mita goma da rabi, mutumin da ke tsaye a ƙasa ba zai ga kwanonsa ba sai ya ja baya kusan mita ashirin. Lungun Zango nawa ne ke da wannan faɗin? Daga bakin hanya abin da za a gani shi ne ƙarƙashin bakin rufi kawai. To in ka ce wa na'urar ka tsaya a lungu, kuma ka dage sai ta nuna maka launin kwano, ka nemi abu biyu da ba sa haɗuwa. Za ta sasanta ta hanyar ƙarya: ko ta ƙara wa rufin tsayi, ko ta gajarta ginin, ko ta buɗe lungun ya koma titi mai hannu biyu. Gara a yi hoto biyu, ɗaya daga ƙasa, ɗaya daga tsayin benen da ke kallonsa.

Tagogi: a faɗi tsari, a bar ƙirga

In ka ce tagogi takwas, za ka iya samun bakwai, ko goma sha ɗaya, wata ma rabinta a cikin kusurwa. Abin da na'urar ta fi riƙewa shi ne maimaici: me ke biye da me, me ke saman me.

Saboda haka daga ginshiƙai ake farawa. Fuskar mita 9 ta misalinmu ta kasu uku: sashe biyu masu faɗin kusan mita 3.4 na shaguna, da ƙaramin sashe na kusan mita 2.2 a hannun dama inda matakalar bene take. Babba, babba, ƙarami. A kowane babban sashe, a kowane hawa na sama, tagogi biyu ne a gefen juna, kowace faɗinta santimita 90, tsawonta mita ɗaya da rabi. Sashen matakala ba shi da taga, sai bulo mai huda da aka jera tun daga hawa na farko har sama, don iska da haske.

In aka haɗa, tagogi huɗun kowane hawa sun ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na bangon. Wannan ma a faɗa, domin shi ne ke hana ginin komawa kantin gilashi.

```
three bays: two wide bays, one narrow stair bay at right,
paired tall louvre windows in each wide bay,
aligned vertically above two shop doors,
stair bay in breeze blocks, mostly solid wall,
thin concrete hood over each pair of windows
```

Layin ƙarshe yana da dalili. Bakin rufi hawan ƙoli kaɗai yake karewa. Tagogin hawan tsakiya suna buƙatar nasu ɗan rufin kankare na kamar santimita 60, in ba haka ba ruwa mai iska zai riƙa shiga ta tsakanin faifan gilashin luba. Akra tana kusan digiri biyar da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, rana na bi ta kusan tsakar ka, don haka irin wannan ɗan rufin yana aiki sosai a bangon kudu da na arewa. In fuskar gidan yamma take kallo, ranar la'asar za ta shigo ta ƙarƙashinsa, sai an ƙara da 'yan katangu a tsaye a gefen tagogin. Wanda bai san inda filinsa ke kallo ba bai shirya rubuta wannan sashen ba.

Masu son gilashin turawa mai duhu za su ce luba ta tsufa. Zaɓinsu ne, amma su sani gilashin turawa rabinsa kawai ke buɗuwa, luba kuwa kusan duka. A ɗakin haya da ba na'urar sanyaya ɗaki, ranar da aka ɗauke wuta, bambancin ba ƙarami ba ne. Ƙarfen tsaro ma a sa shi a rubutu, tunda ba wanda zai bar taga babu shi, kuma yana sauya kamannin fuskar gini ƙwarai.

Kyamara da abin da ba a so

Saura a faɗi inda mai kallo ya tsaya. Hoton da ya fi amfani shi ne wanda ke nuna fuska da ɗan gefe, layukan tsaye suna tsaye, da hasken rana na sosai. Hoton faɗuwar rana yana ɓoye kura-kurai a cikin ja da ruwan zinare.

Abin da ba a so kuma kada a sa shi cikin jimla. In ka rubuta cewa ba ka son dabino, ka dai ambaci dabino, kuma manhajoji da yawa za su dasa maka shi. Stable Diffusion tana da akwati daban na abubuwan da za a guje wa, Midjourney kuma tana da `--no`:

```
three-quarter view, straight verticals, midday light,
tight urban lane, open drain, neighbours close on both sides
--ar 4:5 --seed 2015 --no palm trees, lawn, dome, glass facade
```

Lambar `--seed` kowace ce ka ga dama. Amfaninta shi ne in ka riƙe ta, ka sauya layi ɗaya kawai, hoton ba zai yi nisa da na baya ba, sai ka gane abin da sauyin ya haifar. Mai sauya rufi da taga da kyamara a lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Yadda ake kama ƙaryar hoto

Hoto ya fito, ya yi kyau. Kafin a tura wa Alhaji ko Hajiya, a ƙirga hawa a fuska, a sake ƙirgawa a gefe. Sau da yawa ba sa zuwa ɗaya. A bi layin tagogi daga sama zuwa ƙasa a ga ko sun hau kan juna. A duba kusurwa: in taga ta kai har can, ina ginshiƙin zai tsaya? A bi layukan rufi da yatsa a ga ko sun haɗu a ƙololuwa, ko kuwa ɗaya ya ɓace a iska. Baranda tana da ƙofa? Matakalar dakali a bakin shago ta ƙare, ko a jikin bango?

Bangon gefe shi ne inda aka fi yaudarar iyalai. Na'urar tana son jera masa manyan tagogi, alhali tsakaninsa da maƙwabci bai fi a miƙa hannu ba, kuma tagar za ta leƙa tsakar gidan mutane ne kai tsaye, inda mata ke girki da wanki. A Zango wannan magana ce da kan kai gaban mai unguwa. In ƙananan tagogi ne a can sama kusa da silin, a rubuta haka.

Inda rubutu ya gaza

Masana zanen gini da suka yi karatun abin suna kallon wannan yayi da ido biyu. Wasu na ganin ya sauƙaƙa musu magana da kwastoma, domin wanda bai iya karanta zanen takarda ba yana gane hoto nan take. Wasu kuma na kukan cewa yanzu da hoto ake zuwa musu, a ce a gina wannan, su ɓata mako suna bayanin dalilin da ba zai yiwu ba. Birkiloli nasu kukan daban ne: hoto ba ya ɗauke da awo ko ɗaya, amma in gini bai yi kama da shi ba su ake zargi.

Ga wanda yake son tagogi su zauna daidai inda ya ce, akwai hanya. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford suka fitar da ControlNet, wadda ke ba Stable Diffusion damar bin zanen layi ko taswirar zurfi. Sai mai zane ya gina akwatin gidan a SketchUp da ainihin awonsa, mita 9 da 18 da goma da rabi, ya ɗora rufin, ya huda tagogin, ya fitar da zanen layi daga inda yake son a tsaya. Zanen ne zai riƙe jiki da rufi da jerin tagogi, rubutu kuma ya koma kan fenti da kwano da haske da abin da ke kewaye. Aikin bai fi na yini ɗaya ba ga wanda hannunsa ya saba, kuma a nan ne lissafin ƙirga ke daina zama caca.

Ko da hakan, hoton bai zama takardar gini ba. Majalisun ƙananan hukumomin Ayawaso, ta Tsakiya mai kula da Alajo, ta Gabas mai Nima, da ta Arewa mai Mamobi, zanen gini da na ƙarfe masu sa hannun ƙwararru suke nema kafin su ba da izini, tare da takardun fili. Ƙasar da ke bakin Odo kuma sai an gwada ta kafin a san irin harsashin da zai ɗauki hawa uku, kuma sakamakon gwajin na iya mayar da ginshiƙan nan huɗu na fuska wani wuri daban, tagogin su bi su.